Gwangwanin Matattun Zif

Ikrima ɗan ƙanena ne, amma a hannuna ya tashi, don haka in na yi maganarsa da zafi kada a ga laifina. Ni na kai shi wurin Nababa tela a bakin kasuwar ƙauyenmu, nan kusa da Bagwai, da goro da roƙon a koya masa sana'a, a yaye shi da albarka in lokaci ya yi. A wajenmu albarkar nan ita ce komai. Telan da maigidansa bai sallama ba, wa zai ba shi yadinsa ya yanka?

Shekara huɗu yaron nan yana shagon, amma aikinsa biyu ne: aike da gyara. Sabon ɗinki na Nababa ne. In wando ya ɓarke ko zif ɗin wata ya mutu, sai a jefa wa Ikrima. Duk ƙarshen wata kuma a tura shi Rijiyar Zaki sayen zare da allura da zif, ba a ko'ina ba sai a shagon Abdulkabir, yayan matar Nababa.

To, wanda yake gyara shi yake ganin abin da ya mutu. Yaron nan ya samu gwangwanin madara, duk zif ɗin da ya farke daga rigar mutane sai ya jefa ciki. Da farko na zaci wasan yara ne, har na ce masa ko bola zai buɗe mini a ɗaki. Ya zazzage su a tabarma ya nuna mini ɗan tambarin da ke jikin kan kowanne. Kusan dukkansu masu tauraro ne, irin na shagon Abdulkabir: ka ja sama, haƙoran su buɗe ta ƙasa. Masu tambarin makulli guda uku kacal ya samu, su ma rigunan ne suka tsufa suka bar su da rai. Allura ma ya gane ta. Ta jar takarda kafarta da kaushi, tana cin zare har ya tsinke, ta shuɗiyar takarda kuwa sai ta yi wata a kan keke. Zare kuma ya koyi jiƙa shi ya goga a farin ƙyalle. Mai tambarin tulu ba ya barin komai, mai tambarin kifi kuwa sai ka ce an shafa ganye.

Ya sha gaya wa maigidansa. Amsar ɗaya ce kullum, wai hannunsa ne bai faɗa ba, wai makoyi ba ya raina kayan aiki. Kayan banza kuma in sun lalace a jikin mutane, Nababa ya sake karɓar kuɗin gyara. Ka ji fa.

Daminar bara waccan Islamiyyar garinmu ta shirya saukar Alƙur'ani. Malam Abdussalam, shugaban makarantar, ya kawo wa Nababa ɗinkin 'yan mata ashirin da shida: dogayen riguna farare masu zif a baya, da layin ado na koren zare a wuya da bakin hannu. Aka aiki Ikrima sayayya, kowa ya ga fitarsa a kan babur ɗin haya.

Da Abdulkabir ya zubo masa koren zare mai kifi, sai ya ɗebi ruwa a buta ya jiƙa, ya goga a ƙyalle a gaban mai shago. Ƙyalle ya yi kore shar. Ya tambayi mai tulu, aka ce babu, aka kuma ce shi wane ne da zai yi wa manya gwaji. Yaron nan bai sayi ko allura ba. Ya juyo gida da kuɗin mutane da ƙyallensa, yana murna wai ya ceci aiki, gobe sai a shiga Birni a sayo na kirki.

Kafin ya iso, waya ta riga shi. Nababa ko kallon ƙyallen bai yi ba. A gaban masu zaman shago ya ce:

"Ka je ka kunyata ni wurin surukaina. Ajiye mini almakashina, ka je ka buɗe naka tunda ka fi ni sani."

Shekara huɗu ta tafi a haka, ba yaye, ba Allah ya yi albarka. Washegari da sassafe Nababa ya hau acaɓa ya je da kansa ya kwaso mai kifin da masu tauraron.

Ranar sauka ina wurin, a layin mata. Yara sun yi kyau, tubarkalla, farare tas kamar balbela. Ana tsakiyar karatu hadari ya taso, yayyafi ya sauko kafin a shige azuzuwa. Wallahi ba a yi minti goma ba kore ya fara gangarowa daga wuyan yaran zuwa ƙirji, har hijabansu ya kama. Wata yarinya ta sunkuya ɗaukar allonta, zif ya buɗe tun daga wuya har kugu, uwarta ta yaye mayafinta ta rufe ta. Yarinyar da ta sauke izu sittin, ranar farin cikinta, ta tafi gida tana kuka.

Ka san abin da Nababa ya gaya wa iyaye? Wai yaron da ya kora ne ya sayo kayan, shi ya sa ma ya kore shi. Tunda an ga fitar Ikrima, aka yarda. Abin da ya ƙona mini rai ke nan har yau.

Ban tsaya neman shawarar kowa ba. Na ɗauki gwangwanin da koren ƙyallen na nufi gidan Malam Abdussalam, na zazzage masa su a kan buzu, na ce a kira ɗan acaɓan da ya kai Nababa Rijiyar Zaki. Aka kira shi, bai ɓoye komai ba. Malam ya jinjina kai ya ce an zalunci yaro, amma Nababa dattijo ne mai iyali, a rufa asiri, a bar wa Allah. Na ce to, Allah ya fi mu sani, Malam, amma ni bakina ba zif ba ne da za a ja a rufe. Duk gidan da na kai ƙuli-ƙuli a makon nan sai da na ba da labari.

Na sayar da tunkiyata na haɗa masa tsohon keke. Yanzu Ikrima yana ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu. Maza har yau suna ja da baya, wai ba a yaye shi ba. Mata ne suka riƙe shi, don su suke wanki, su suka san rigar da ke zuba. Ba ya ɗora zare a keke sai ya jiƙa ya goga a gaban mai kaya, har ana tsokanarsa da Malam Goga.

Watan jiya Nababa zai aurar da 'yarsa ta fari. Ina daka a tsakar gida na ji sallamar Hadi, ɗan Nababa, yana magana ƙasa-ƙasa. Wai babansa ne ya ce ya tambaya, ba tare da ya ce shi ya aiko shi ba, wane zare da wane zif za a sa wa kayan amarya. Na saki taɓarya na fito da maganganu cike da bakina. Kafin in kai zaure Ikrima ya riga ya faɗa masa: mai tulu, mai makulli, allura ta shuɗiyar takarda, har da kwatancen layin da ake samunsu a Birni.

Na ce masa ashe ba shi da zuciya. Bai ɗago daga kan keke ba ya ce:

"Gwaggo, amaryar ce za ta sa rigar, ba shi ba."

An yi biki, ba abin da ya zuba, ba abin da ya buɗe. Nababa ya sha yabo a kan ɗinkin. Har yau in ya zo wucewa ta ƙofar gidanmu, ɗaya gefen hanya yake bi.