Hannun da Ya Rage a Hoton Makarantarmu

Autarmu Barkono muke ce mata, kuma ba a banza ba. Tun tana rarrafe ba ta yarda da "haka aka ce".

A zauren makarantarmu akwai wani ƙaton hoto mai kala na ɗaliban farko, cikin koren kaya. Duk baƙo sai an kai shi gabansa. Ranar da aka raba ƙananan kwafinsa ta kawo gida, Kakarmu ta duba ta ce, "Ina nake? Kusa da doguwar nan na tsaya. Kuma shuɗi muke sawa."

Kawu ya yi dariya. "Iya, tsufa ne." Daga ranar ko kasuwa aka hana ta zuwa ita kaɗai, wai ta fara ruɗewa. Abin ya ci mini rai.

Barkono kuwa ta buɗe hoton a kwamfutar makaranta, ta yi ta ƙara girmansa. A kafaɗar doguwar ga yatsu huɗu, babu mai su! Bangon gefenta bulo ɗaya mai tsaga ya fito sau uku, tsagar iri ɗaya sak. Koren rigunan ma ya ɗan malala kan wuyan yara.

Ta nufi shagon mai hoton da sunansa ke ƙasan firam. Mutumin bai ɓoye komai ba.

"’Yata, baƙi da fari aka kawo mini. Na sa a sikana ya shiga kwamfuta, na goge tabo, na shafa kala a wani shafi daban a samansa. Tsohon hoto haske da duhu kawai yake riƙewa, shuɗi da kore duk toka-toka suke fitowa. Kayanku na yanzu na gani, na zaɓi kore."

"Yarinyar mai yatsun nan fa?"

"Ta motsa lokacin ɗauka, fuskarta ta dishe. Aka ce tana ɓata hoto. Sai na kwafi bangon gefe na rufe ta. Hannun ne ya kuɓuce mini."

Ya buga mata na asalin. Da ta nuna wa shugaban makaranta, ya ce ta rufa wa makaranta asiri, ko ta rasa shugabancin ajin da take riƙe da shi.

"Malam, ga bajen shugabancin," in ji ta, ta ajiye masa a tebur. "Asirin kakata wa ya rufa?"

Da yamma ta tara mu a falo, ta sa Kawu a gaba. Kaka ta ɗora yatsa kan dishin nan.

"Kuda ne ya sauka a hancina," ta ce. Sai ta bi layin tana kiran kowa da sunansa, har da na ubansa, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Kawu ya fara sosa ƙeya. Kaka ta yafa mayafi, ta ɗauki jakar cefanenta.

"Matsa mini, ɗan nan. Kuma kada wanda ya biyo ni."