Amsar da Auta ta ba matar da takalmi ya matse

Auta ita ce ta bakwai a gidansu, ita kaɗai ce kuma ta gaji Baba wurin ɗinkin takalmin fata. Tun tana ƙarama in an neme ta an rasa, tana ƙarƙashin teburinsa tana tsintar ragowar fata. Da idon Baba ya yi rauni sai ta karɓi basillar, ta buɗe ɗan shago a intanet. Kayan aikin ba yawa: waya mai tsagaggen gilashi, da farin zanin gado da take shimfiɗawa bakin taga ta ɗauki hoto.

Wata Laraba da hantsi saƙo ya shigo daga wata mata a ƙasar waje, wadda ta sayi takalmi ƙafa ɗaya. Rubutun ma ba irin namu ba ne. Auta ta sa waya ta fassara: takalmi ya matse, matar ta shigar da ƙorafi. Masu manhajar da shagon yake ciki sun ba da kwana biyu a amsa, in ba haka ba su yanke hukunci, tabo ya zauna a kan shagon da ko wata biyar bai yi ba.

Yaya Babba ya ce, "Rubuta mata da Turanci mana, ita ma ta sha wahalar fassara."

"Yaya, mutum na cikin fushi ka ƙara masa aiki?"

Ta zauna ta rubuta gajeru-gajerun jimloli, don ta lura doguwar magana rikita wayar take yi. Ta juya su yaren matar, ta sake juyo su baya ta ga ko maganarta ce ta dawo. Duk da haka ba ta yarda ba. Ta sa mayafi ta nufi wurin mai kemis ta bakin titi, wadda a can ƙasar ta yi karatu.

Mai kemis ta karanta ta kwashe da dariya. "Ana ganewa. Amma ke Auta, wannan amsa ce ko sammaci? Ina ban haƙurin?"

Suka gyara tare a kan kantar kemis ɗin. Haƙuri tukuna. Sannan gaskiya: lambar takalmin can daban da ta nan, Auta kuma ba ta tambaya ba, laifinta ne. Sannan roƙo: matar ta taka takarda, ta zana ƙafarta, ta auna tsawo da faɗi da santimita, za a ɗinka mata sabo. Auta ta tura saƙon.

Washegari da azahar sai ga hoto! Zanen ƙafa, ga rula a gefe, ga layi uku a ƙasa. Mai kemis ta karanta: matar ta janye ƙorafin, ta ce ba ta zaci za a amsa mata da harshenta ba.

Auta ba ta ko tsaya cin abinci ba. Ta auna santimitocin a jikin kwali, ta yanka, ta ɗora a kan fata.