Farin tabo a bayan Malam

Ku gyara zama, ku ara mini kunne na ɗan lokaci. Abin da zan faɗa ba daga bakin kowa na ji shi ba, a ɗakina aka yi shi, nan Fagge.

Maigidana tela ne. Tun ina amarya na same shi a kan keke, har gashinmu ya yi fari yana kan keke. Ba ɗinkin keke kaɗai ba, aikin hannu ma yana yi, irin na wuyan riga da ake bi da allura sannu a hankali. Yatsun nan su suka ciyar da mu, su suka aurar da 'ya'yanmu. Ni ban taɓa kiransa da komai ba sai Malam.

Wata safiya, saura kwanaki a ɗauki azumi, ya fito daga wanka ina miƙa masa riga, sai na ga wani tabo a bayansa, ƙasan kafaɗa. Faɗinsa kamar murfin gwangwani, ya fi sauran jikinsa haske. Na ce, "Malam, me ya same ka a baya?"

Ya ce, "Ni da ba ni da ido a ƙeya, ke za a tambaya."

"Yana ƙaiƙayi?"

"Ba ya komai. Ba ni rigata, mutane na jira."

Na ce a je asibiti. Ya ce a watan da kowa ke kawo ɗinkin Sallah, shi ba zai je ya wuni a kan benci don a kalli bayansa ba. Na san halin kayana. Mutumin da ko a tsakar gida ba ya zama babu riga, ba zai tuɓe a gaban baƙo don abin da ba ya ciwo ba.

Autata tana da aure a nan kusa, tana sayar da mayafai a kasuwar Sabon Gari. Ita ta kawo dabara. Ta ce, "Inna, ai yanzu ba sai mutum ya je ba. Akwai abin da ake tambaya a waya, ki nuna masa hoto ya gaya miki." Ba za ta iya tsayawa a bayan mahaifinta yana tuɓe ba, sai ta koya mini inda zan danna. Na shafa wa wurin man kaɗanya don ya fito sosai, a tunanina gyara na yi. Na ja Malam bakin taga, yana ta mita, na danna.

Ta tura hoton. Amsa ta zo da Turanci, doguwa, tana karantawa tana mayar mini da Hausa. Abin ya ce yana ganin wuri mai haske a fata, gefensa a fili. Ya ce abubuwa da yawa suna zuwa da wannan kama: ƙyasfi, makero, tabon da ƙurji ke bari bayan ya warke. Nan ta ɗan tsaya, ta ce, "Da wasu dai." Sannan ta ci gaba. Ya ce wannan bayani ne na ilimi kawai, shi ba zai iya cewa ga wanda ke jikin mutumin nan ba, don hoto ba ya nuna ko wurin yana jin taɓi, kuma sai ma'aikacin lafiya ya duba da hannunsa.

Ni kuwa tun daga kalmar farko na toshe kunne. Ƙyasfi. Wa bai san ƙyasfi ba? Na ce, "Alhamdu lillahi, waya ma ta ce ƙyasfi ne."

Ta ce, "Inna, ba haka ta ce ba fa."

Na ce, "Shi ta fara faɗa. Ai babba ake fara kira."

Washegari ta biya wani kemis a kan hanyarta, ta nuna hoton, ta ce ƙyasfi ne, mai kemis ɗin ya miƙo mata man shafawa. Na shafa wa Malam har azumi ya fita. Tabon yana nan. Aka sake wani man, na shafa har babbar Sallah. Wani ƙarami ya fito a damtsensa.

Akwai wata ƙawata a Sabon Gari, tsohuwar nas ce, Kirista 'yar Zariya. Ita ta karɓi haihuwar autata, kuma Malam ne ke ɗinka wa matan cocinsu anko. Muna ce mata Sista. Bayan Sallah na kai mata soyayyen nama kamar yadda na saba, tare da autar, sai na ce a nuna mata hoton, ko ta san man da ya fi ƙarfi.

Ta sa tabarau ta duba, ta kawar da wayar nesa, ta sake matso da ita. Ta ce, "Hajiya, wannan ƙyallin fa?"

Na ce man kaɗanya ne.

Ta yi dariya. "Kin yi masa kwalliya kamar za a kai shi gidan miji. Kuma wayoyin nan suna wanke fata. Ni kaina a hoto fara ce tas, kin taɓa ganina fara? Malam tela baƙi ne, a nan ya zama wankan tarwaɗa."

Na ce, "To dai mene ne?"

"Ban sani ba."

"Shekara nawa kina asibiti, ki ce ba ki sani ba?"

Ta ajiye wayar a kan tebur. Ta ce, "Zan iya zama in lissafa miki cututtuka masu wannan kama har shayinki ya huce. Wannan karatu ne, kowa zai iya ba ki. Amma wanne ne a bayan mijinki, sai na taɓa. Yana da kaushi? Yana fitar da gari idan an kankare? Yana gumi? Yana ji idan an taɓa shi? Ko hoton ƙirji da ake ɗauka a asibiti, likita ba ya yanke magana a kansa sai ya ji tarin mutum, ya tambaye shi, wani lokaci ya auna majina. Balle wannan. Ki kawo mini mutum."

Raina ya ɓaci. Na ɗauka rowar sani take mini. A hanyar gida na ce wa autata, "Tsufa ya kama Sista." Ita dai tana kallon titi. Na faɗa wa Malam sau ɗaya cewa Sista na son ta duba shi, ya ce ba zai tuɓe wa mace ba, ni ma ban matsa ba. Wannan laifin nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Haka muka ci watanni. Sai allura ta fara kuɓuce masa. Ya ce tsufa ne. Sai ya daina aikin wuyan riga, ya ce ido ne. Wata rana da hantsi yana guga a shago, gefen hannunsa ya kwanta a jikin dutsen guga, bai sani ba sai da maƙwabcinsa ya ji ƙauri. Ya dawo gida da bororo a ƙaramin yatsa, yana kallonsa kamar hannun wani.

Ranar autata ta zo ta same ni a madafa, ta durƙusa tana kuka marar sauti. Ta ce, "Inna, ranar nan akwai kalmar da na tsallake. A cikin jerin akwai kuturta. Ya ce idan wurin ba ya jin taɓi a je asibiti da wuri. Baba yana bayan labule yana ji, bakina ya kasa."

Ban yi mata faɗa ba. Da wane baki? Ta ɓoye kalma ɗaya, ni kuma na ɗauki kalma ɗaya na zubar da sauran.

Na aika wa Sista, da kanta ta zo Fagge a adaidaita. Ta tsaya a kansa ta ce, "Malam tela, shekara nawa kana auna ni da tef? Yau ramuwa zan yi. Cire riga."

Ya cire. Ta fito da auduga ta murza bakinta ya yi tsini. Ta ce ya rufe ido, duk inda ya ji an taɓa ya nuna da yatsa. Ta taɓa wuyansa, ya nuna. Ta taɓa kafaɗa, ya nuna. Ta taɓa tsakiyar tabon, ta sake taɓawa, ta sake. Malam yana zaune ido a rufe, ya ce, "To, ki ci gaba mana."

Ta kama gwiwar hannunsa ta latsa wani wuri, ya zabura. Ta ce jijiyar ta kumbura. Ta ce, "Ina da zato mai ƙarfi, amma gobe za mu je inda aikinsu ke nan, su tabbatar."

A asibitin suka sake gwajin auduga, suka gwada ƙarfin yatsunsa, suka ɗan tsaga fatar kunnensa suka ɗebi abin aunawa. Likita ya ce kuturtar ce. Ya ce tana da magani, kyauta ne, ana warkewa, kuma da an fara sha mutum ya daina yaɗa ta. Ya ce mu ma na gida a duba mu. Sai ya ɗaga yatsun Malam biyu, ƙarami da na kusa da shi, ya tambayi tun yaushe suka mutu. Da muka faɗa, ya ce za su ƙara wani magani don jijiyar, amma wadda ta daɗe da lalacewa ba kullum take dawowa ba.

Shekara guda muna zuwa duk wata. Maganin ya ƙara masa duhu, fitsarinsa ya yi ja a ranakun karɓa, duk an gaya mana tun farko. Na gaji da benci, na gaji da hayaƙin hanya, na gaji da ce wa maƙwabta hawan jini muke zuwa aunawa. Kullum da yamma in jiƙa masa hannu a ruwa, in shafa mai, in miƙe yatsun ɗaya bayan ɗaya yadda aka koya mini.

Malam ya warke. Yatsu biyun dai sun lanƙwashe, haka za su koma ga Mahaliccinsu. Yana taka keke har yanzu, yana ɗinka dogon ɗinki, amma aikin wuya ya bar shi, ya raba allurorinsa ga masu ƙuruciya.

Autata aka duba ta ba ta da komai, ni ma haka. Tana nan a kasuwa, tana tambayar wayarta abubuwa kamar dā, sai dai yanzu idan za ta karanta wa mutum amsa, daga farko take yi har ƙarshe, ko mutum ya so ko ya ƙi.

Sista ƙafa ta matsa mata, 'ya'yanta sun mayar da ita Zariya. Da Kirsimeti ta aiko mana da shinkafa, ta ce a gaya wa Malam tela ankon bana bai yi kyau ba.

Ni kuwa ga ni nan. Bayana ya sunkuya, barci ya ragu, jikoki suna ta ƙaruwa. Da Asabar nake zuwa gidan babbar 'yata in yi wa ƙananan wanka, in juya su gaba da baya a cikin hasken rana ina duba fatarsu, suna ihu suna cewa na cika naci.