Buhun Mba Imoru

Shekara ashirin da biyu ina aikin akawu a injin shinkafa na Hajiya Abibata da ke Lamashegu, kuma duk fayil ɗin da na buɗe yana nan a kabad. Na Imoru direba ya fi kowanne kauri. Mba Imoru muke kiransa, kamar yadda Dagomba ke kiran dattijo, shi kuma Krachi yake kirana, sunan da ake ba akawu a nan. Mutumin Kukuo ne, gajere, mai hula ɗaya tilo ruwan toka. Tun muna mu shida a injin yake tuƙa babbar motar da ke kwaso shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, daga ƙauyuka. A lokacin tare muke cin tuwon rana a gindin dogonyaro, Hajiya da kanta take raba nama.

A shekarar 2007 aka canza kuɗi, sidi dubu goma ya koma sidi ɗaya. A watan canjin ne Hajiya ta yi mana ƙarin albashi. Kowa ya yi murna ban da Mba Imoru. Ya shigo ofis ya tsaya a gaban teburina.

"Krachi, kuɗin da aka yanke wa sifili huɗu a dare ɗaya, ni ba na yarda da shi. A ba ni ƙarina a shinkafa. Wa ka taɓa ji ya yanke wa buhu sifili?"

Hajiya ta yi dariya har da hawaye, ta yarda. Na rubuta takarda, ya dangwala yatsa. Daga nan duk ƙarshen wata sai ya ɗaure buhu ɗaya a bayan babur ɗinsa ya nufi Kukuo. Albashinsa na kuɗi ya riƙa hawa a hankali kamar na kowa, buhun kuma yana nan yadda yake.

A ƙarshen 2023 kasuwa ta yi kyau. Hajiya ta ware sidi dubu sittin daga riba, ta ce a raba wa ma'aikata talatin, kowa gwargwadon albashinsa na shekara, ban da kuɗin obataim. Lissafin mai sauƙi ne. Albashinmu duka a shekara ya kama dubu ɗari shida, don haka kowane sidi goma na albashi zai jawo sidi ɗaya. Na buga jerin sunaye daga mai babban rabo zuwa mai ƙarami, na manna a bangon sito.

Mba Imoru bai iya karatu ba, amma ya san sunansa kuma ya san lamba. Albashinsa a takarda ɗari tara ne a wata, rabonsa ya kama dubu ɗaya da tamanin. Zakir, direba na biyu, wanda Mba Imoru ya koya wa riƙe sitiyari, yana karɓar dubu ɗaya da ɗari biyar, rabonsa dubu ɗaya da ɗari takwas. Sunan Zakir yana tsakiyar takarda. Na Mba Imoru yana can ƙasa, tsakanin mai gadi da masu ɗinkin buhu, kuma saura wata uku ya ajiye aiki.

Ya zo ofis bai zauna ba.

"Ba kuɗin ne ya kawo ni ba, Krachi. Jikokina suna zuwa nan sayen dusa. Su ga wannan? Su ce kakansu ya bar aiki a ƙasan ɗan da ya koya wa ribas?"

Laifin nawa ne. Na ɗauko albashi daga takardar biyan wata, buhu kuwa a littafin sito ake rubuta shi. Na je wurin Hajiya na faɗa mata. Ta ce dubu sittin ta ware, ba za ta ƙara ko pesuwa ɗaya ba, domin sauran ribar ta riga ta shiga sayen shanshera. In an saka buhun a lissafi, abin da Mba Imoru zai ƙaru da shi daga rabon sauran zai fito, su kuma sun riga sun ga nasu a bango. Ta ce a tara kowa ranar Asabar.

Muka taru a gindin dogonyaron. Na yi bayani: buhu yana kan sidi ɗari shida a lokacin, a shekara dubu bakwai da ɗari biyu. In an haɗa, jimillar albashi za ta koma dubu ɗari shida da bakwai da ɗari biyu, kuɗin rabo kuwa yana nan dubu sittin, don haka rabon kowa zai ɗan sauka.

Wahid mai kula da injin ya miƙe. "Hajiya, a yi haƙuri. Shekara goma sha shida sidinmu yana faɗuwa, buhun Mba yana tashi. Ya ci can, yanzu zai ci nan? In buhu albashi ne, to obataim ɗina ma albashi ne."

"Obataim ɗinka rabinsa barci ne a kan buhu," in ji Samiha mai ɗinki. Aka fashe da dariya, har shi Wahid ɗin.

Amma maganarsa tana da tushe, kuma kowa ya sani. Hajiya ta juyo gare ni. "Krachi, me takarda ta ce?"

Na riga na fito da ita. Ta yi ja-ja, dangwalen yatsan ya fara dusashewa. Na karanta rubutuna na wancan lokaci: ƙarin albashin Imoru direba, a biya shi da buhun shinkafa ɗaya duk wata. Kalmar albashi tana nan, ba kyauta aka rubuta ba, ba alawus ba.

Sannan na karanta wa kowa abin da zai rasa. Wahid kusan sidi talatin da shida. Zakir ashirin da ɗaya. Samiha goma sha ɗaya.

"Goma sha ɗaya?" Samiha ta ce. "Ko wake da shinkafa da ƙwai ba zai saya ba. Mba, ranar da naƙuda ta kama ni a nan, wa ya kai ni asibiti a motar shanshera?"

"Ni ne. Kika kuma zage ni duk hanya saboda ramuka."

Hajiya ta ce duk wanda ya yarda a saka buhun a lissafi ya ɗaga hannu. Zakir ne ya fara ɗagawa. Na ƙirga sau biyu: ashirin da shida. Wahid bai ɗaga ba, da wasu mutum biyu, Mba Imoru kuma ya riƙe hularsa da hannu biyu yana kallon ƙasa. Har yau ban ga laifin Wahid ba. Yana da 'ya'ya huɗu a makaranta, kuma ni na fara nuna masa lambar da ba daidai ba.

Ranar Litinin na buga sabon jeri. Rabon Mba Imoru da na Zakir ya zo daidai, dubu ɗaya da ɗari bakwai da saba'in da takwas da 'yan pesuwa kowanne. Inda rabo ya yi daidai nakan bi haruffa, don haka Imoru ya hau saman Zakir. Ya tsaya a bangon sito ya bi layin da yatsa, daga sunansa zuwa lamba, ya sauka layin Zakir, ya sake komawa nasa.

"Krachi, wa ya sa ni a sama?"

"Harafi, Mba."

"To, harafin nan yana da hankali."

Ya nemi in buga masa kwafi ɗaya. Na buga, na sa hatimi. Ya ninke shi huɗu ya sa a aljihun gaba, sannan ya daka wa Zakir tsawa ya zo su duba ruwan lagireto, domin a ranar za su je ɗauko kaya a hanyar Savelugu.