Ranar da na ƙi rubuta wa kawuna "an amince"

Ba don na fi kowa hankali aka miƙa mini biro a ranar ba. Ina koyarwa a firamaren garinmu, Turawa, rubutuna yana karantuwa, kuma kawuna ne mai jagorantar taron. Ya ɗauka duk abin da ya faɗa zan zuba a takarda.

A ƙofar gidansa muka zauna bayan la'asar, manoman rani da makiyayan da ke shayar da shanu a bakin ruwa ɗaya da mu. Shekara da shekaru muna cacar baki kan hanyar mashaya, sai aka ce a kafa ƙungiya. Ƙaramar hukuma kuwa ba ta yin rajista sai an kai tsarin mulki, da sunayen membobi, da rahoton taron farko mai ɗauke da sa hannun shugaban taro da marubucinsa. Marubucin nan ni ne.

Aka buɗe da addu'a, na rubuta mahalarta. Kawu ya shiga karanta tsarin mulki sashe-sashe. Da ya zo sashen zaɓe sai ya ƙara sauri: kowa memba ne, amma mai gona a bakin ruwa kaɗai ke da ƙuri'a. Ya ɗaga kai ya ce, "Akwai mai ja?" Aka yi tsit. Ya ce da ni, "Rubuta, kowa ya amince."

Na dubi makiyayan. Duk sun sunkuyar da kai, dattijonsu yana zana ƙasa da sanda. Na tashi da mutanen nan, na san ba za su musa wa mutum a kan tabarmarsa, a ƙofar gidansa ba, ko da abin yana cin ransu. Kawu ya fi ni sanin haka, shi ya sa bai kai taron filin makaranta ba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na ce, "Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, ba zan rubuta ba. Ba wanda ya gabatar da ƙuduri, ba wanda ya mara baya, ba a ƙirga kowa ba. Shiru na ji, shiru zan rubuta."

Ya ce, "Kai, a gaban mutane? Wa ya riƙe ka bayan rasuwar ubanka?"

"Kai ne, Kawu, kuma ban manta ba. Amma sunana zai hau takardar nan."

Bakina ya riga ya ƙi rufuwa. Wani manomin albasa, wanda dama ba ya raga wa kowa, ya ce to a ƙirga mana. Ya gabatar da ƙudurin a yi ƙuri'a kan sashen, wani ya mara masa. Da aka ce a ɗaga hannu sai na ce hannun da ya kasa tashi ɗazu ba yanzu zai tashi ba. Aka yarda a zagaya da hula: mai son sashen ya jefa ƙwayar gyaɗa, wanda ba ya so ya jefa tsakuwa, hannu a dunƙule.

Da aka zazzage hular, tsakuwa ta rinjayi gyaɗa, har ta fi yawan makiyayan da ke wurin. Ashe cikin manoma ma akwai masu shirun dole. Aka gyara sashen ya zama kowane memba ƙuri'a ɗaya, sannan aka amince da tsarin mulkin gaba ɗaya.

Sai zaɓen shugabannin riƙo, waɗanda za su riƙe ƙungiya har a yi rajista a kira babban zaɓe. Kawu ya ci shugaba, kuma ya cancanta, don ba mai iya shiga ofis ya fito da abu kamarsa. Wani makiyayi ya zama mataimaki. Ni kuwa ko mai tsayar da ni sakatare ban samu ba. Na rubuta wannan ma da hannuna.

Washegari na kai masa rahoton ya sa hannu. Ya karanta, ya ɗora yatsa a layin da ya ce an ƙi sashen da shugaban taro ya kawo. Ya ce, "Cire wannan. Ka rubuta an gyara kawai."

Na ce, "A zama na gaba za a karanta shi a gaban kowa kafin a amince da shi. In akwai kuskure, Kawu, sai ka tashi ka faɗa a can."

Ya karɓi biron ya sa hannu, har takardar ta kusa hujewa, ya miƙo mini ya ce, "Ga shi, Malam."

Tun ina rarrafe "ɗana" yake ce mini. Daga ranar har yau Malam nake a bakinsa, kuma abin yana yi mini ciwo duk safiyar da na durƙusa gaishe shi. Layin dai yana nan yadda na rubuta shi.