Taga ta Huɗu

Abokan sana'arsa na kiransa Hannun-Dama. Direban tasi ne kafin ciwon baya ya mai da shi dillalin gidaje, kuma kwatance ya zauna masa a baki. Yawancin masu sayen gida a hannunsa suna nesa, gidan da za su saya a waya kawai suke ganinsa. Saboda haka ba ya ɗaukar bidiyo sai ya tsara abin da zai faɗa: a fara daga titi, a zagaya bayan gida, a shiga, a riƙa bin dama, a ambaci kowane ɗaki da faɗinsa kafin a tsallaka ƙofa, a kunna fitila, a buɗe famfo. Ba ya yanke bidiyo, don a nan jarinsa yake: abin da ka gani, shi za ka tarar. Matarsa ce ke riƙe waya, tana tsokanarsa wai ko a masallaci dama yake juyawa.

Wani magaji ya ba shi gidan mahaifinsa ya sayar. Gida ne shiru, mai warin sabon fenti. Suka ɗauki bidiyon da hantsi, suka tura wa wata malamar asibiti da ke aiki a wata ƙasa. Washegari ta kira. Ta ce ta bi muryarsa ɗaki-ɗaki tana zana gidan a takarda, amma zanen ya ƙi haɗuwa.

"Baba, a bangon baya na ga taga huɗu. A ciki uku ka nuna min."

Suka koma, suka sake ɗauka. A ƙarshen barandar ciki, inda ya kamata a sami ƙofa, bango ne sumul. Ya ƙwanƙwasa, ya ji amon bulo. Ta waje kuwa ga tagar nan, da ƙarfunanta masu tsatsa, labule a sake.

Da aka tambayi magajin, bai yi musu ba. Ya ce a wannan ɗakin mahaifinsa ya cika, 'yan haya suka riƙa tashi suna cewa suna jin tari, sai aka toshe ƙofar, aka bar kayan tsohon a ciki. Ya roƙi a cire zagayen baya daga tsarin, a fara daga falo.

Suna cikin mota matarsa ta buɗe bidiyon farko, ta tsayar da shi a kan tagar, ta miƙa masa.

"Maigida, dubi. Jiya labulen a ɗage yake."

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya tura wa malamar bidiyon biyun yadda suke, da bayanin magajin. Ta fasa sayen. Magajin ya karɓe makullansa, ya kai wa wani dillali.

Har yanzu malamar na turo masa abokan aikinta. Tsarinsa ya ƙaru da layi ɗaya: a ƙirga tagogi da baki kafin a shiga. Shi ke ƙirgawa. Matarsa kan riƙe wayar, idonta a ƙasa.