Tsanwar Halimatu Mai Baba

A ƙauyen su Halimatu, can gefen Korgom, in baƙo ya tambayi gidan mai baba ba a yi masa dogon kwatance. Sai a ce ya bi hancinsa. Warin tukunyar rini ba ya ɓuya, ita kuwa Halimatu tun tana amarya ta kafa tata a bayan ɗaki, babbar randa da aka binne rabinta cikin ƙasa. Wajen uwarta ta koya. Mijinta, Allah ya jiƙansa, ya yi ta ƙorafin warin har ya gaji, daga baya ma in ya yi tafiya sai ya ce kewarsa yake yi.

Mace ce mai tsiwa da yawan dariya, ba ta da haƙuri da mutane ko kaɗan, amma a gaban tukunya sai ka rantse ba ita ba ce. Ta rina zannuwa da rigunan noma da ba su ƙirguwa. Abin da ya yi mata suna kuwa zanen goyo ne. Duk ɗan fari da aka haifa a zuriyarta, ita ke rina masa zanen da za a goya shi, da wata tsanwa irin ta ganyen wake, wadda babu mai iya fitar da ita a duk yankin sai ita.

Sai yanar tsufa ta sauka a idanunta. Tana gane mutum, tana gane hanya, amma launuka sun dagule mata, shuɗi mai haske da mai duhu duk sun zama abu guda. Ga jikarta Zahra'u da tsohon ciki, haihuwar fari, ga saƙin farin auduga an riga an karɓo daga masaƙi, guda ɗaya tal. Halimatu ta ji tsoro ƙwarai. Tsoronta kada wannan jinjiri ya zama na farko da za a goya da atamfar kasuwa, tsanwar kuma ta bi idonta ta tafi. Da damina ta sauka aka rufe lakol, wato makarantar boko, sai ta aika Tasawa a turo mata Rufaida, ƙanwar Zahra'u.

Rufaida ta sauka daga kabu-kabu da ƴar jakarta, tana toshe hanci.

"Kaka, mi ya mutu a gidan ga?"

"Kunyarki ce ta mutu. Aje kayanki ki zo, idonki nika so, bakin ki bar shi Tasawa."

Daga toka suka fara. Halimatu ta sa ta cika wata tukunya mai huda a gindi da tokar karan hatsi, ta zuba ruwa, yana ɗiga a ƙwarya sannu-sannu. Tsohuwar ta dangwala ta murza a yatsa, ta ɗana a harshe. In yana santsi yana kuma ɗan cizon harshe, ya yi. Rufaida ta ɗanɗana ta tofar, kakar ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Sannan aka ɗauko curin baba daga rataye, ganyen bara ne da aka yanka kafin ya yi fure, aka kirɓa a turmi, aka dunƙula, aka shanya. Suka farfasa shi suka jiƙa, suka tsiyaye ruwan farko mai datti, suka juye a randa tare da ruwan tokar. Halimatu ta ƙara katsi, wato laka ta tsohuwar tukunya da aka busar aka ƙona, ta rufe da faifai da tsohon buhu.

Sauran aikin jira ne, shi ne kuma ya fi ba yarinyar wuya. Safe da yamma ake motsawa da muciya. Ranar farko Rufaida ta kama ta da ƙarfi kamar mai tuƙin tuwon biki.

"Ke, tsaya. Wa kika faɗa da shi?" in ji Halimatu. "Baba ba shi son iska cikin ciki nai. In kin buga mai iska, shina mutuwa. Ki zagaya a hankali, kamar kina tada mai barci."

Kwanaki suka shuɗe, warin ya ƙaru, har wata safiya Rufaida ta ɗaga faifai ta ce akwai kumfa mai duhu a sama, tana ƙyalli ja-ja. Kakar ta ce ta ture kumfar ta faɗa mata abin da ke ƙasa. Rufaida ta ce ruwan ba shuɗi ba ne, ya fi kama da ruwan ganye mai ɗan rawaya, ko dai ya lalace. Halimatu ta sunkuya ta shinshina, ta yi hamdala. Tukunya ta nuna.

Ba ta yarda a taɓa saƙin ba tukuna. Ta yayyaga tsohon farin ƙyalle, ta sa aka wanke, domin kowane ƙyalle a jiƙe yake shiga tukunya, in ba haka ba sai ya yi dabbare-dabbare. Rufaida ta zura na farko ta gefen randa, ta murza shi a ƙarƙashin ruwa ba tare da ya taɓa lakar gindi ba, ta matse dab da bakin ruwan don kada ya yi ta ɗiga. Da ta ɗago ta ga tsanwa shar, sai ta yi tsalle.

"Kaka, ga ta. Ashe abin ba wuya."

"To riƙe ta da kyau kar ta tsere."

A kan idon Rufaida tsanwar ta fara gudu, daga gefe zuwa tsakiya, ƙyalle ya rikiɗe ya koma shuɗi. Yarinya ta tsaya baki buɗe. Halimatu ta ce iskar da ke kashe baba a cikin tukunya ita ke kama shi a jikin zane, shi ya sa ake shanyawa ya sha iska sosai kafin a sake tsomawa. Duhu kuma ba daɗewa a ciki ke kawo shi ba, yawan tsomi ne. Suka jera ƙyallaye a igiya, wannan fari-fari kamar sama da rana tsaka, na kusa da shi ya fi shi, har zuwa na ƙarshe da ake ce wa baƙi. Rufaida ta yini tana kai da komo a gabansu tana faɗa wa kakar bambancinsu.

Tsanwa ta gaskiya daga baya take zuwa, in an ɗora rawaya a kan shuɗi. Suka daka gangamau, saiwar nan mai rawaya, suka tafasa suka tace. Nan Rufaida ta yi gaggawa, ta ciro ƙyalle daga igiya ta jefa ba ta ɗauraye ba. Ruwan ya yi ja, ƙyallen ya fito wani irin ƙazamin launi. Ta zo tana ƙunƙuni, ta ce gangamau ɗin ne ba shi da kyau. Kakar ta lasa gefen ƙyallen ta ce tokar da ta bari a ciki ce, gangamau ba ya shiri da toka. Ta sa ta jiƙa tsamiya ta tsoma shi. Ja ya washe, tsanwa ta fito. Daga ranar Rufaida ba ta sake tsallake ɗauraya da ruwan tsamiya ba. Ta kuma gane da idonta cewa shuɗi mai haske kan ba da tsanwa mai rawaya-rawaya, mai duhu kuwa haɗiye rawayar yake yi ɗungurungum. Ganyen wake yana tsakani, Halimatu ta sa ta tsinko shi daga gona ta riƙa karawa.

Ana cikin haka waya ta zo, Zahra'u ta sauka lafiya, ɗiya mace. Gida ya cika da guɗa. Washegari da hantsi aka dafa saƙin don kokon da masaƙi ya shafa wa zaren ya fita, Rufaida ta fara tsomi, kakar na zaune a kujera ƴar tsugune tana ba da umarni. Aka tsoma aka shanya, aka sake, aka sake.

"Ƙara mai guda," in ji Halimatu. "Tukunyag ga ta sha ƙyallaye, ta yi sanyi."

Rufaida ta dubi zanen a igiya, ta kara shi da ƙyallayen gwaji. Ba ta motsa ba.

"Kaka, ya isa."

"Ni kika gaya ma ya isa? Tun ba a haihi ubanki ba nika wanga aiki."

"Na sani. Amma ke kinka ce in ya yi duhu ba a iya maido shi. Na jiƙa ƙyallen gwajin da ya ba mu ganyen wake na kara, don jiƙaƙƙe ya fi duhu, kuma daidai suke. In na ƙara, sai shi haɗiye gangamau."

Ran Halimatu ya ɓaci sosai. Ta tashi ta kai fuskarta har jikin zanen, ta juya shi ga rana, ba ta ga komai ba sai dishi-dishi. Hannunta na ce mata a ƙara, kuma hannun nan bai taɓa yi mata ƙarya ba. Amma ita ta aika a kawo mata ido, ga shi kuma ido ya yi magana. Ta daɗe tsaye riƙe da gefen zane, sannan ta sake shi.

"Tahi ki ɗauraye. In kin ɓata shi, ke za ki goya ɗiyar da ɗankwalinki."

Aka ɗauraye, aka bi da ruwan tsamiya, aka tsoma a gangamau mai ɗumi ana juyawa, aka shanya a inuwa don rana na cin rawaya. Rufaida ta ce ya yi. Halimatu ta ce to, amma zuciyarta ba ta kwanta ba, don yaro ba ya kushe aikinsa.

Ranar suna suka tafi Tasawa. Bayan an raɗa suna mata sun cika tsakar gida, aka warware zanen. Cikin matan akwai Ladi, ƙanwar mijin Halimatu, tsohuwa mai ido garau wadda ba a taɓa jin ta yabi miyar wani ba. Da ita suka yi zaman tsokana tun ƙuruciya. Ladi ta karɓa ta fita da shi haske, ta juya gaba ta juya baya, ta ja tsaki.

"Munahuka. Kin ishi mutane da kukan ba ki gani, ashe ƙarya kike. Makauniya ba ta hidda wagga tsanwa. Ko ta goyon Bello ba ta kai ta ba."

Bello shi ne uban su Rufaida, ɗan farin Halimatu, kuma zanensa ne take alfahari da shi duk rayuwarta. Halimatu ta fashe da dariya har hawaye na zuba, daɗi ya kama ta irin wanda ta daɗe ba ta ji ba. Ta laluba cikin mata ta kamo hannun Rufaida ta ɗaga.

"Ga wadda za ki zaga nan. Ni cewa na yi a ƙara tsomi, ta ƙiya."

Ladi ta dubi yarinyar sama da ƙasa, ta ce lalle taurin kai gado ne. Halimatu ta ce a miƙo mata jinjirar. Aka ɗora mata ita a baya, ta ja zanen ta ɗaure a ƙirji, ta shiga zagaya tsakar gida da ita tana jijjigawa.